Mun tashi daga Gyaɗi-Gyaɗi wata takwas, amma Google na ci gaba da tura mana marasa lafiya can

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar websait ku taimaka min kaina ya ɗaure. Ni ce nake kula da ofis a wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Kano, na yayana ne, da muna Gyaɗi-Gyaɗi yanzu mun koma wajen Hotoro wata takwas kenan. Amma har yau in ka rubuta sunanmu a Google tsohon wajen yake nunawa, da tsohuwar lambar waya wadda layin ma ya ɓata tuntuni, kuma wai muna rufewa ƙarfe 4 alhali sai 9 na dare muke tashi. Shekaranjiya wani bawan Allah ya ɗauko matarsa a adaidaita wajen ƙarfe 8 na dare da yaro jikinsa rau da zazzaɓi, taswira ta kai su tsohon ginin, suka tarar da shagon sayar da tayil, sai mai shayin bakin layin ne ya yi musu kwatance. Ko da suka iso mutumin har rawa muryarsa take don ɓacin rai, ni kuma na rasa bakin magana.

Yaron da ya yi mana websait ya ce wai akwai wani abu sikima da ake sawa, muka biya shi ya sa wata biyu da suka wuce, ba abin da ya canza. To cuta ta aka yi ko haƙuri zan ƙara?

BabanGida77:
Wa alaikumus salam Hajiya. Haƙuri za ki ƙara, sikima tana ɗaukar lokaci kafin Google ya karanta. Nawa shafin sai da ya yi kusan wata uku. Ki ce ya shiga Search Console ya danna Request indexing shi kenan.

Sadiq_Kod:
Malam BabanGida ko shekara ta jira ba zai gyaru ta nan ba. Abu biyu ne aka haɗa su waje ɗaya, kuma yawancin masu yin websait ɗin namu ma haka suke haɗawa.

Hajiya wannan akwatin da kike gani a Google mai ɗauke da taswira, hoto, lambar waya da lokacin buɗewa, ba daga websait ɗinku yake ɗauko bayanin kai tsaye ba. Daga Google Business Profile yake fitowa, wanda da ake ce wa Google My Business kafin a sauya masa suna a 2021. Ita kuma sikima ɗan kod ne da ake ɓoyewa a cikin shafinku don injin bincike ya gane cewa wannan rubutun suna ne, wannan adireshi ne, wannan lambar waya. Tana taimakawa, amma sheda ce kawai take bayarwa, ba ita ke riƙe da biro ba. In furofayil ɗin yana cewa Gyaɗi-Gyaɗi, ko sikima goma kika sa taswira Gyaɗi-Gyaɗi za ta kai mutum.

Kafin komai amsa min wannan: wa ya buɗe furofayil ɗin tun farko, kuma da wane imel? Sannan ki buɗe Google Maps ki rubuta sunan asibitin ki gaya min guda nawa suka fito.

Maman_Ilham:
Ikon Allah. Malam Sadiq biyu ne suka fito! Ɗaya tsohon wajen mai sharhin mutane 41, ɗaya kuma sabon waje babu hoto sai sharhi 2, shi wannan ɗin ni ban ma san da shi ba sai yanzu. Na tambayi Yaya ya ce wani yaro da ya taɓa zama a risefshan ne ya buɗe na farkon da imel ɗinsa, ya bar aiki tun bara ya koma Kaduna. Na biyun kuma mai websait ne ya buɗe da muka matsa masa.

Alh_Mai_Goro:
Ni dai abin da zan ce a yi hattara. Bayanan marasa lafiya amana ne, yanzu kuma sai a ce a tsara su a ɗora wa Google ya karanta? Gobe mutum ya ga sunansa da ciwonsa a intanet. Ban goyi baya ba gaskiya.

Nas_Rukayya:
Haba Alhaji 😂 ba fayil ɗin marasa lafiya ake nufi ba. Sunan asibiti ne da inda yake da lokacin da suke buɗewa, abin da ke rubuce a allon bakin ƙofa kenan.

Alh_Mai_Goro:
To Alhamdulillah. Na ji ana ta cewa bayanai bayanai ne. Ku ci gaba 'yata.

Sadiq_Kod:
Amma Alhaji bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, akwai inda maganarsa take shigowa. In wani ya rubuta muku sharhi a Google kuka zo amsawa, kada ku ce "ai ranar da kika zo awo mun gaya miki kaza", kun tona asirinta a bainar jama'a kenan. Haka hotunan da ake ɗorawa, a duba kada fuskar majinyaci ko kati mai suna ya fito.

Mu koma kan naki Hajiya. Matsalar ta fito fili: kuna da furofayil biyu, tsohon shi ne mai ƙarfi don ya daɗe kuma shi ke da sharhi 41, shi ya sa shi ake nunawa. Kuskuren da aka yi shi ne buɗe sabo. In an tashi daga waje, tsohon ake shiga a canza adireshi, sai ya taho da sharhinsa da hotunansa.

Hanya mafi sauƙi ki kira yaron nan na Kaduna, ya shiga furofayil ɗin ya je wajen People and access ya ƙara imel ɗinku a matsayin Owner, daga baya ya miƙa muku Primary owner ɗin gaba ɗaya. Minti biyar ne in yana tuna fasuwod ɗinsa. In bai tuna ba ko ba ya ɗaga waya, ki shiga business.google.com/add ki rubuta sunan asibitin, zai ce miki wani ya riga ya mallaka, sai ki danna Request Access ki cike. Za a tura masa saƙo, yana da kwana 3 ya amsa, in ya yi shiru galibi akan ba ki damar tabbatar da cewa naku ne.

Kuma don Allah wannan karon a buɗe imel na asibitin kansa, ba naki ba, ba na mai websait ba, Yaya ya riƙe fasuwod ke ma ki riƙe. In ba haka ba bayan shekara biyu wani ne zai zo nan yana tambaya irin taki.

Zee_Dijital:
Anti shawara kyauta, in kin karɓo shi ki gyara sunan ma gaba ɗaya. Maimakon sunan kawai ki ƙara irin su mafi kyawun asibitin haihuwa a Kano, sikanin, gwajin jini, duk a cikin sunan. Wallahi yana aiki, na yi wa wani mai gyaran waya a Farm Centre cikin sati ya hau sama.

Likitan_Haƙori:
Zee kada ki jefa baiwar Allah a rami. Ni na yi wannan da hannuna, na cusa kalmomi har biyar a bayan sunan kilinik ɗina, na ji daɗi na 'yan makonni ana ta kira, wata safiya na duba na ga an dakatar da furofayil ɗin, mun ɓace daga taswira ɗungurungum kamar ba mu taɓa wanzuwa ba. Laifina ne don ƙa'idar a rubuce take, sunan da ke kan allonka da takardunka shi za ka sa. Kafin a dawo da ni sai da na mayar da sunan yadda yake, na ɗora takardar rajistar CAC da hoton allon ƙofa da takardar haya, na yi ta jira. Kusan wata guda ina zaune ina kallon kujerar cire haƙori ba kowa sai tsofaffin kwastomomi.

Abin da kike so ki faɗa da waɗancan kalmomin akwai gurbinsa daban, wajen Category da wajen Services.

Zee_Dijital:
Dakta amma fa na mai gyaran wayar har yanzu yana nan ba a taɓa shi ba.

Likitan_Haƙori:
Ba a kai kansa ba ne ko kuma maƙwabcinsa bai kai ƙararsa ba tukuna. Kowa na iya danna Suggest an edit ya gyara miki suna fa.

Maman_Ilham:
Na samu yaron, Allah ya yi masa albarka bai ja min rai ba, ya sa mu a ciki. Na canza adireshin sai ya ce wai sai na sake tabbatarwa da bidiyo. Me zan ɗauka? Kuma sabon da mai websait ya buɗe in goge shi ne?

Sadiq_Kod:
Bidiyon daga cikin furofayil ɗin ake ɗaukarsa a waya, a tafi ɗaya ba yankewa, ba za ki ɗora wanda kika ɗauka jiya ba. Abu uku suke son gani: cewa wajen yana inda kika ce, cewa asibitin yana nan da gaske, da cewa ke kina da iko da shi. To ki fara daga bakin titi, ki nuna allon sunan layi in akwai, in babu ki nuna shagunan maƙwabta masu allo, ki juyo kan allonku sunan ya fito tar yadda za a iya karantawa, ki tako ki sa makulli ki buɗe ƙofa da hannunki, ki shiga risefshan, ki nuna wajen da baƙo ba ya shiga kamar ɗakin ajiyar magani ko takardar rajista da ke rataye a bango. Da sassafe za ki yi kafin mutane su cika benci, don ba a son fuskoki a ciki. Ki tabbata lokeshin ɗin wayar a kunne yake kuma akwai data mai ƙarfi, wajen ɗorawa ne yake yawan katsewa.

Sunan da ke allo da wanda ke furofayil su zama iri ɗaya harafi da harafi. In allo ya ce Clinic & Maternity furofayil ya ce Hospital, nan ake samun cikas.

Sabon kuma kada ki yi gaggawa. Cire shi daga akawun ba ya goge shi daga taswira, sai dai ya zama maraya yana yawo ba mai kula da shi. Ki bari tsohon ya gama komawa Hotoro, su biyun su zama suna ɗaya adireshi ɗaya, sannan a kan sabon a danna Suggest an edit a zaɓi Duplicate of another place, ko ki tuntuɓi sashen taimako na Business Profile ki ce a haɗe su. Kuma ko da wasa kada ki sa wa tsohon Permanently closed, shi ne mai sharhi 41 ɗin.

BabanGida77:
To sharhi biyun da ke kan sabon fa, za su bi su koma tsohon?

Sadiq_Kod:
Na ga inda suka koma, na ga inda suka salwanta. In ta sashen taimako aka bi ana iya roƙon a mayar da su. Amma biyu ne, ni ba zan hana kaina barci a kansu ba.

Ɗan_Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni tawa matsalar ta bambanta kaɗan, ina taimaka wa wata kilinik a nan Maraɗi, layinmu ba shi da suna ba shi da lamba, kwatance dai muke yi, bayan masallacin kaza kusa da famfo. Da muka rubuta sunan unguwa kawai sai alamar ta je ta zauna tsakiyar unguwar, nisan tafiya mai kyau daga ƙofarmu. Me ake yi a irin wannan?

Nas_Rukayya:
Mu ma haka muka yi fama a wajen aikinmu. Ja alamar ake yi da hannu. In ka shiga gyaran adireshi akwai ɗan taswira, ka mayar da shi hoton tauraron ɗan adam yadda za ka ga rufin gidaje, ka ja jan alamar ka ɗora ta daidai kan get ɗin da mutane ke shiga, ba tsakiyar gini ba ba bayan katanga ba. Namu da farko a bayan gini ta zauna, masu adaidaita suna ta sauke mutane a wani lungu da ba ya ɓullewa.

Sadiq_Kod:
Daidai Sista. Ƙari a kai Malam na Maraɗi, in ka tsaya a bakin ƙofar ka danna shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake a Google Maps za ka ga Plus Code na wajen, 'yan haruffa da lambobi masu alamar + a ciki. Ka rubuta shi a shafin websait da Facebook da katin asibiti tare da kwatancen masallaci da famfon, duk wanda ya liƙa shi a taswira ƙofarku zai zo. Lambar waya kuma da +227 za ka fara.

Maman_Ilham:
Bidiyo ya wuce Alhamdulillah, sau biyu na yi, na farko ina tsakiyar ɗauka aka kira ni ya katse. Yanzu taswira tana nuna Hotoro. To Malam Sadiq kuɗin sikimar nan da na biya asara na yi kenan? Ga abin da ya turo min ta WhatsApp wai shi ya sa, na tura maka ta ciki.

Sadiq_Kod:
Ba asara ba ce in an gyara, amma yadda take yanzu gara babu. Na duba wanda kika turo na kuma buɗe shafin naku a kwamfuta na danna Ctrl+U na nemi `ld+json`, sai na ga guda biyu. Ɗaya filogin ɗin WordPress ne yake fitar da ita da kansa, tun zamanin Gyaɗi-Gyaɗi aka cike ta ba wanda ya koma ya taɓa, tsohuwar lamba tsohon adireshi. Ɗayar ita ce wadda ya liƙa da hannu. Wato shafi ɗaya yana ba da sheda biyu masu karo da juna.

Sannan ita tasa ɗin ma ba ta karantuwa. Na sa adireshin shafin a Rich Results Test, shafin Google na gwada sikima, ya nuna kuskure, da na duba sai na ga alamomin zance ne, an bi da kod ɗin ta Word ko wani abu makamancin haka ya mayar da madaidaitan `"` suka zama masu lanƙwasa. Ido ba ya saurin kamawa amma inji da ya ci karo da su ya watsar da kod ɗin duka. Wata biyun da kika yi kina jira ba abin da ake karantawa sai tsohuwar.

Na uku ya ba ni dariya, ya juya lambobin lokeshin. Kano tana wajen 12 a latitude, 8 da rabi a longitude, shi kuma ya sa 8 da rabin a farko 12 a baya. Ki liƙa hakan a taswira ki ga inda za ki faɗo, wajajen Ganye a jihar Adamawa.

Ga yadda ya kamata, a cike da naku:

```html
<script type="application/ld+json">
{
  "@context": "https://schema.org",
  "@type": "MedicalClinic",
  "name": "SUNAN DA KE KAN ALLO",
  "url": "https://example.com/",
  "telephone": "+234XXXXXXXXXX",
  "address": {
    "@type": "PostalAddress",
    "streetAddress": "LAMBA DA SUNAN LAYI, Hotoro",
    "addressLocality": "Kano",
    "addressRegion": "Kano",
    "addressCountry": "NG"
  },
  "geo": {
    "@type": "GeoCoordinates",
    "latitude": 11.97000,
    "longitude": 8.57000
  }
}
</script>
```

Lambobin lokeshin na misali ne, ki danna kan get ɗinku a taswira ki riƙe, za su fito, a kwafo su da aƙalla lamba 5 bayan ɗigo. Wayar kuma in an sa +234 sai a cire sifirin farko. Ya zaɓi ɗaya, ko dai ya gyara ta filogin ya cire tasa, ko ya kashe ta filogin ya bar wannan.

BabanGida77:
Ni LocalBusiness nake sawa a ko'ina, mai gidan abinci ne mai kemis ne, kuma yana wucewa gwaji lafiya lau. Meye na wahalar da kai?

Sadiq_Kod:
Zai wuce, ba kuskure ba ne, MedicalClinic ɗin ma a ƙarƙashin LocalBusiness take ta hanyar MedicalBusiness. Amma tunda akwai wanda ya fi kusa da abin da kake yi me zai sa ka ce "shago" kawai. Mai haƙori yana da Dentist, mai kemis yana da Pharmacy. Kuma wucewa gwaji yana nufin kod ɗin ya karantu ne kawai, ba ya nufin abin da ke ciki gaskiya ne. Waccan tsohuwar ta Hajiya mai lambar da ta mutu ai kore shar ta nuna.

Ummu_Sudais:
Ni majinyaciya ce ba ma'aikaciya ba amma bari in sa baki. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne asibiti ya rubuta awa 24, ka ɗauko mara lafiya ƙarfe 2 na dare ka tarar da maigadi kawai da nas ɗaya tana cewa likita sai da safe. In ba ku da likita da dare ku rubuta gaskiya mana mu san inda muka dosa. Haka ranar Juma'a, an rubuta a buɗe, ka je ƙarfe 1 da rabi kowa ya tafi masallaci.

Maman_Ilham:
Gaskiyarki 'yar uwa. Mu ma Yaya cewa ya yi in sa awa 24 tunda akwai masu kwanciya kuma nas tana kwana, amma sabon mara lafiya ba ma karɓa bayan 9 sai dai haihuwa. Juma'a kuma muna tsayawa 1 zuwa 3. Yaya ake rubuta wannan?

Nas_Rukayya:
Ni a ganina tunda kuna karɓar haihuwa da dare ki bar shi awa 24, mai naƙuda in ta ga an rubuta a rufe ai wani wajen za ta nufa.

Likitan_Haƙori:
A'a Sista, sai mai ciwon ciki ya zo ƙarfe 1 na dare a ce masa ba a karɓa, ya koma ya zuba musu tauraro ɗaya, kuma da gaskiyarsa. Lokacin da kowa zai iya shigowa a gan shi, shi ne lokacin buɗewa. Maganar haihuwa a rubuta ta a bayanin asibitin da lambar da za a kira da dare.

Sadiq_Kod:
Ni ina bayan Dakta, amma wannan hukuncin Yaya ne da ku, ba na kod ba. Abin da na sani shi ne duk wanda kuka zaɓa ya zama shi ne a furofayil, shi ne a rubuce a shafin, shi ne a sikima. Juma'a gida biyu ake raba ta, a furofayil akwai wajen ƙara lokaci na biyu a rana ɗaya, a kod kuma haka, a cikin wancan na sama bayan geo, da waƙafi a tsakaninsu:

```json
"openingHoursSpecification": [
  {"@type": "OpeningHoursSpecification",
   "dayOfWeek": "Friday", "opens": "08:00", "closes": "13:00"},
  {"@type": "OpeningHoursSpecification",
   "dayOfWeek": "Friday", "opens": "15:00", "closes": "21:00"}
]
```

Sauran ranakun a ƙara su a jerin. Agogon awa 24 ake bi, 9 na dare 21:00 ne, in aka rubuta 09:00 kun rufe awa ɗaya bayan kun buɗe kenan. Wanda yake awa 24 da gaske 00:00 zuwa 23:59 yake sawa.

Sallah da azumi kuma kada a taɓa lokutan yau da kullum, akwai Special hours a furofayil, da an sanar da ganin wata ki shiga ki sa ranakun, da sun wuce ya koma yadda yake da kansa.

Wani abu da na gani a shafinku Hajiya, adireshin a cikin hoton fosta yake, ba rubutu ba ne. A rubuta shi da haruffa a ƙasan kowane shafi. Ƙa'idar Google ita ce abin da ke sikima ya kasance mutum ma yana ganinsa a shafin.

Zee_Dijital:
To a sikimar ba za a iya sa taurari biyar ba su fito a ƙarƙashin sunan? Na ga ana yi da aggregateRating.

Sadiq_Kod:
Tun 2019 Google ya daina nuna taurarin da kasuwanci ya ba wa kansa a shafinsa. Za ki iya sawa, ba za su fito ba. Taurarin da ke taswira daga sharhin mutane suke zuwa.

Maman_Ilham:
Mai websait ya gyara, ya ɗan ji haushi da na tura masa maganar Ganye amma ya gyara 😅 gwajin ya nuna guda ɗaya yanzu ba kuskure. Sai dai wani abu, ina ofis na rubuta asibiti kusa da ni mu ne na farko, da na koma gida Rijiyar Zaki na sake rubutawa ko a jerin ba mu. Wani abin ya sake lalacewa ne?

BabanGida77:
Wannan kam ko ni na sani, nisa ne. Daga Rijiyar Zaki zuwa Hotoro ai kin ratsa gari, asibitoci nawa ne a tsakani. Ki gwada da sunanku, in ya fito daidai ba abin da ya lalace.

Sadiq_Kod:
Yau dai mun daidaita da BabanGida. Google da kansa ya ce abu uku yake dubawa a irin wannan binciken, dacewa da abin da aka nema, nisa, da shaharar wajen. Nisan ba abin da za ki yi masa. Dacewar tana hannunki, ki duba Category na farko da yaron nan ya zaɓa tun da can, in Hospital ya sa alhali ku Medical clinic ne kuna gogayya da manyan da ba ajinku ba.

Saura sharar baya. Ki rubuta tsohuwar lambar wayar nan a Google cikin alamar zance ki ga duk inda ta fito, shafin Facebook, Instagram, shafukan jerin asibitoci da wani ya taɓa sa ku. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, suna da adireshi da lamba su zama iri ɗaya ko'ina, don in waje biyar suna cewa Gyaɗi-Gyaɗi ana iya wayar gari a ga an kawo miki shawarar gyara a furofayil an mayar da ku can. Masu iPhone kuma wasu Apple Maps suke buɗewa, shi ma da nasa rajistar daban, haka Bing Places.

Ɗan_Maraɗi:
Na ja alamar kamar yadda Sista ta ce, kwana huɗu yau har yanzu tana nuna ana dubawa. In sake ja ko in bari?

Nas_Rukayya:
Bari, in kana ta taɓawa kamar sabon layi kake bi. Namu ya ɗan jima shi ma.

Maman_Ilham:
Na bi tsohuwar lambar, waje shida na same ta. Facebook da Instagram na gyara, biyu na tura musu imel, sauran biyun ko hanyar tuntuɓarsu babu. Sabon furofayil ɗin nan na biyu kuma har yanzu yana nan a gefenmu a taswira kamar tagwaye, jiya ma wata ta rubuta sharhinta a kansa. Maganar awa 24 kuwa Yaya bai sauko ba, na sa 8 zuwa 9 ya ce in mayar, na ce sai ya karanta abin da Ummu Sudais ta rubuta tukuna. Sannan yanzu likitar yara da ke zuwa mana Talata da Alhamis ta ce ita ma tana so a buɗe mata nata furofayil da adireshinmu, Malam Sadiq wannan ba zai sake zama tagwaye na uku ba?

Likitan_Haƙori:
An yarda likita mai ganin jama'a ya yi nasa daban, amma da sunanta kawai, kada a haɗa da sunan asibitin, kuma lokacin Talata da Alhamis ɗin kaɗai za ta sa. Ni dai da ni ne sai an gama haɗe waɗancan biyun tukuna. Kuma ki tambaye ta tun yanzu, ranar da ta daina zuwa wa zai cire adireshin naku?